Yadda za ka ɓoye wa wasu mutane last seen da onlayin ɗinka a WhatsApp, sauran kuma su ci gaba da gani

Ƙanwata ce ta sa na zauna na bi wannan setin ɗin daki-daki, don ita a WhatsApp take kasuwancinta, atamfa da leshi da ɗan turaren wuta, to kullum waya na hannunta, ƙarfe sha biyun dare ma za ka same ta tana tura wa kwastoma hoton kaya. Matsalarta mutum uku ce. Akwai gwaggonmu wadda in ta gan ta a onlayin tsakar dare da safe sai ta kira, "Ke 'yar nan me kike yi a waya har ƙarfe ɗaya, mijinki bai magana ne?" Akwai uwar adashinsu mai zaman gadin last seen ɗin mutane ranar zubi. Sai kuma wata ƙawarta da in ta turo saƙo minti biyu ba a amsa ba sai fushi, wai ai na gan ki a onlayin. Ba ta son bulokin ko ɗaya daga cikinsu, gwaggo dai ai ba a bulokin ta in ana son zaman lafiya a dangi, kuma ba ta son ta rufe wa kowa da kowa saboda kwastomomi na son su ga mai kaya tana nan kafin su tura kuɗi.

Abin yana yiwuwa, kuma bai kai minti biyu ba. Amma akwai inda mutane ke yin kuskure har su ɗauka sun ɓuya alhali ana kallonsu, ita ma a ranar farko haka ta yi.

Da farko, abu biyu ne ba ɗaya ba

In ka buɗe hira da mutum, a ƙarƙashin sunansa can sama rubutu ɗaya ne ke fitowa cikin biyu. Ko dai ka ga online, wato a wannan lokacin WhatsApp ɗinsa a buɗe yake a kan fuskar waya kuma datarsa na kunne, ko ka ga last seen today at da lokaci, wato lokacin ƙarshe da ya fita daga manhajar. Saboda a wuri ɗaya suke fitowa mutane na ɗaukarsu abu ɗaya, amma kowanne da makunninsa. Shekaru da yawa last seen kaɗai ake iya ɓoyewa, onlayin kuwa dole kowa ya gani ko kana so ko ba ka so, sai a watan Agustan 2022 Mark Zuckerberg ya sanar da cewa za a ba mutane damar ɓoye shi ma. A wannan shekarar dai aka saki zaɓin ware wasu mutane daga cikin lambobinka. Shi ya sa har yau za ka ji wani ya rantse maka cewa onlayin ba ya ɓoyuwa, tsohon labari yake riƙe da shi.

Sannan onlayin ba ya nufin mutum ya karanta saƙonka, ba ya ma nufin yana kallon hirarka. Wanda ya buɗe WhatsApp don ya kalli sitatus ko ya tura lambar asusu ga wani, duk onlayin zai nuna. Wanda kuma datarsa ke kunne amma yana TikTok ko wayar na aljihu, ba zai nuna onlayin ba duk da saƙonni na shiga masa.

Matakan

1. Buɗe WhatsApp. A Android ka taɓa ɗigo ukun nan na sama ta dama ka zaɓi Settings. A iPhone yana ƙasa ta dama.
2. Shiga Privacy. In tsohon WhatsApp ne a wayarka za ka same shi a cikin Account, kuma wannan alama ce ta cewa gara ka sabunta shi tukuna, don ƙila ma zaɓin da muke nema ba ya ciki.
3. Taɓa Last seen and online. Shafin ya kasu gida biyu. Na sama Who can see my last seen, na ƙasa Who can see when I'm online.
4. A na sama zaɓi huɗu ne: Everyone, My contacts, My contacts except... da Nobody. Zaɓi na ukun. Jerin lambobinka zai buɗe, ka yi amfani da wurin bincike ka nemo mutanen ɗaya bayan ɗaya ka sa musu alama.
5. Kada ka fita da maɓallin komawa baya. A Android sai ka taɓa alamar tik ɗin da ke ƙasa, a iPhone ka taɓa Done, in ba haka ba zaɓin bai zauna ba. In ya zauna za ka ga an rubuta adadin mutanen da ka ware, ita ƙanwata 3 ya nuna mata.
6. Sauko gida na biyu. Zaɓi biyu ne kawai a nan, Everyone da Same as last seen. Zaɓi Same as last seen.

Mataki na shidan nan shi ne duk maganar. Ƙanwata ta yi na ɗaya zuwa na biyar ta ajiye waya tana murna, washegari da safe sai ga kiran gwaggo, bayan gaisuwa ta ce "Jiya ma dai na ga ba ki kwanta da wuri ba." Ta kira ni wai Yaya abin nan ƙarya ne ba ya aiki. Da na karɓi wayar na duba, gida na biyu yana nan a Everyone yadda yake tun asali. Ma'ana gwaggo ta daina ganin ƙarfe nawa ta fita, amma duk lokacin da ta buɗe hirarsu ta tarar ƙanwata na ciki za ta ga online ɓaro-ɓaro. Onlayin ba shi da jerin mutane nasa na kansa, ba za ka iya ce masa ɓoye wa wane ka nuna wa wane kai tsaye ba, sai dai ya ari jerin da ka yi a last seen. To in ba ka ce masa ya ara ba, ba zai ara ba.

Wannan kuma yana nufin akwai haɗin da ba ya yiwuwa. Ba za ka iya barin mutum ya ga last seen ɗinka amma ka ɓoye masa onlayin ba. Ko ya ga duka biyun, ko ya ga onlayin kaɗai, ko kada ya ga komai. Iyakarta ke nan.

Me kowane zaɓi yake yi a gaskiya

Kalmar da ke ruɗa mutane ita ce contacts. WhatsApp yana kallon lambobin da kai ka ajiye a wayarka ne, ba waɗanda suka ajiye lambarka ba. In mutum ya yi sebin lambarka da suna har da fulawa a gefe amma kai ba ka ajiye tasa ba, a wurin wannan setin ɗin baƙo ne. To My contacts na nufin waɗanda ka ajiye su gani, sauran duniya kada su gani. My contacts except... kuma shi ne wannan ɗin dai, a cire waɗanda ka sa wa alama.

Ka lura da abin da ya ɓace: babu zaɓin da ke cewa kowa da kowa ya gani ban da wane. Da ka taɓa My contacts except... ka riga ka rufe wa duk wata lambar da ba ka ajiye ba, ko da kun shekara kuna hira. Ga mai amfani da waya don 'yan uwa da abokai wannan ba komai ba ne, alheri ne ma. Ga mai kasuwa kuwa akwai lissafi, don ƙanwata rabin kwastomominta ba ta taɓa ajiye lambarsu ba, suna nan a jerin hira da +234 kawai, kuma su ne ainihin mutanen da take so su ga tana nan. Da ta yi setin, su ma suka daina gani tare da gwaggo. Maganin ba wani mai wuya ba ne sai dai gajiya, ta zauna da daddare ta ajiye lambobin waɗanda suke saye a kai a kai, tana sa musu suna irin su Kwastoma leshi Zariya, sabo kuma in ya zo ya nuna da gaske yake sai ta ajiye shi nan take. Wanda ya shigo yau-yau karo na farko dai ba zai ga komai ba, haƙuri za a yi da wannan, saurin amsa saƙo ne zai nuna masa akwai mutum.

Ɗaya gefen kuma, duk sabuwar lambar da ka ajiye tana shiga sahun masu gani kai tsaye, ba za a tambaye ka ba. Jerin na waɗanda aka hana ne, wanda ba ya ciki an ba shi izini ke nan.

Akwai masu son akasin haka, wato a rufe wa kowa a bar mutum biyu ko uku, misali mata ta bar mijinta da mahaifiyarta kaɗai. A sitatus akwai Only share with... mai yin wannan, amma a last seen babu shi. Hanyar da ta rage ita ce ka shiga My contacts except... ka taɓa alamar zaɓar kowa gaba ɗaya, sai ka cire alamar daga kan mutanen da kake so su gani. Yana aiki, sai dai ka tuna maganar da na yi yanzu, duk wanda ka ajiye bayan ranar ba ya cikin jerin hani, to zai riƙa ganinka har sai ka koma ka ƙara shi. Ni dai ban cika son wannan hanyar ba don mutum mantawa yake yi, wata uku ka ajiye lamba ashirin duk suna kallonka kai kana ɗauka ka rufe ƙofa.

Kuɗin da za ka biya

WhatsApp ba ya ba da wannan kyauta, ba-ni-in-ba-ka ne. Duk wanda ka ɓoye wa last seen da onlayin, kai ma ka daina ganin nasa, ko da shi nasa a buɗe yake ga kowa. In Nobody ka zaɓa tare da Same as last seen to ba za ka ƙara ganin na kowa ba. In mutum uku ka ware, na mutum ukun nan ne kawai zai ɓace maka, sauran kana ganinsu yadda ka saba. Wannan ne ma babban dalilin da ya sa ware mutane ya fi Nobody daɗi.

Ƙanwata ba ta damu da daina ganin na gwaggo ba, amma na uwar adashi ya ɗan ƙona mata rai, don ranar kwasarta ita ma so take ta ga ko matar ta hau onlayin ta yi shiru. To ba a cin biyu.

Mutumin da ka ware ba a aika masa da wata sanarwa. Abin da zai gani kawai shi ne ƙarƙashin sunanka ya zama fili, ba online ba last seen. Zai iya ɗauka ka rufe wa kowa ne, kuma yawanci haka suke ɗauka. Inda asiri ke tonuwa shi ne in ya duba ta wayar wani. Gwaggo na zaune da 'yarta a gida ɗaya, 'yar kuma tana cikin lambobin ƙanwata, to ranar da suka haɗa wayoyi biyu aka ga a ɗaya akwai online a ɗaya babu, magana ta ƙare, an san da gangan ne. Saboda haka in za ka ware mutum ka yi tunanin waɗanda yake zama da su, matarsa, ƙaninsa, abokin shagonsa. Mu dai daga baya sai da muka ƙara mutum biyu na gidan gwaggo a jerin, ya zama 5. Haka nan mai layi biyu, in yana da WhatsApp a MTN yana da wani a Airtel ko yana da WhatsApp Business daban, kowace lamba zaman kanta take, sai ka sa wa kowacce alama. In kuma ya canza lamba ka ajiye sabuwar, koma ka duba jerin.

Abubuwan da setin bai taɓa ba

Nan ne nake so a tsaya a karanta da kyau, don wanda ya saba sa maka ido ba da last seen kaɗai yake aiki ba.

Na farko tik. Tik ɗaya na nufin saƙo ya bar wayar mai turawa amma bai iso taka ba. Tik biyu masu ruwan toka na nufin ya iso wayarka, wato datarka na kunne. Wannan babu wani setin a WhatsApp da ke kashe shi. Uwar adashi in ta turo "Salam, zubin yau fa" ta ga tik biyu nan take, ta san wayarki na raye, ba za ki ce mata ba ni da data ba. Abin da ba ta sani ba kawai shi ne ko wayar na hannunki ko tana caji a ɗaki. Kiran WhatsApp ma haka, in ya rubuta Ringing wayar na kan intanet, in ya tsaya a Calling ba ta kai.

Na biyu shuɗin tik, wato an karanta. Shi makunninsa daban ne, yana cikin Privacy ɗin dai, sunansa Read receipts. Kuma shi ba ya ware mutane, ko ka kashe wa kowa ko ka kunna wa kowa. In ka kashe kai ma ka daina ganin shuɗin tik na mutane, sannan ka daina ganin waɗanda suka kalli sitatus ɗinka, wanda ga mai tallan kaya a sitatus wannan asara ce babba, don da shi take gane wa ke bibiyar kaya. Ƙanwata ta bar nata a kunne saboda haka. Dabarar da take yi ita ce ba ta buɗe hirar mutum ukun nan sai ta shirya amsawa, tana karanta saƙon daga sanarwar da ke saukowa a saman waya, wannan ba ya sa tik ya yi shuɗi kuma ba ya nuna ta a onlayin.

Na uku guruf. Ko ka kashe Read receipts, a guruf ba ya aiki. Duk wanda ya tura saƙo a guruf zai iya danne saƙon nasa ya shiga Info ya ga sunayen waɗanda saƙon ya isar wa da waɗanda suka karanta, har da lokaci. To in kuna guruf ɗin dangi ɗaya da gwaggo, ta tura addu'ar dare ƙarfe ɗaya saura, kika buɗe guruf ɗin, sunanki zai fito a cikin waɗanda suka karanta da ƙarfe kaza. Gwaggonmu ba ta san wannan ba Allah ya taimaka, amma ƙawar nan ta sani sarai.

Na huɗu alamar rubutu. In ka buɗe hirar mutum ka fara rubutu ko ɗaukar murya, shi kuma yana ciki a lokacin, zai ga alamar kana rubutu, a da typing... ake rubutawa, yanzu ɗigo uku ne ke motsi a ƙasan hirar. Ɓoye onlayin bai hana wannan ba. In ka fara rubuta amsa ka fasa ka goge, ya riga ya gani. Mai son ya tsara doguwar amsa a natse gara ya rubuta ta a wani wuri ya kwafo.

Na biyar kuma shi ne wanda ya fi ba ni dariya, sitatus. Kowane sitatus da lokacin da aka ɗora shi yake fitowa. Mutum ya ɓoye last seen ya ɓoye onlayin, sai ya ɗora hoton sabon leshi ƙarfe 12:47 na dare. To me ya rage? Haka in ka kalli sitatus ɗin mutum kuma Read receipts ɗinka na kunne, sunanka da lokacin za su fito masa. Sitatus yana da nasa jerin a Privacy, ƙarƙashin Status, kuma jerin da ka yi a last seen ba ya tsallakawa can, sai ka sake zaɓar mutanen. Hoton fuska da About su ma kowanne da nasa. Amma ni shawarata kada ka cire wa mutum hoto in ba bulok kake nufi ba, don rashin hoto da rashin last seen a tare su ne alamomin da kowa ya sani na bulok, sai ka jawo wa kanka ƙorafin da kake gudu.

Tunda an zo maganar, bambancin da bulok a fili yake. Wanda ka ware a last seen yana turo saƙo ya shigo, tik biyu, yana kira ya shigo, yana ganin hotonka da sitatus ɗinka in ba ka taɓa su ba. Wanda aka yi wa bulok kuwa saƙonsa a tik ɗaya zai dawwama, kiransa ba ya shiga, hoto ya ɓace. Don haka in ka ga last seen ɗin wani ya ɓace kada ka yi saurin cewa ya yi bulokin ɗinka, tura sallama ka ga tik nawa za ta yi. Ka kuma duba naka setin, sau da yawa kai ne ka sa Nobody ka manta.

Yadda za ka gwada ka tabbatar

Kada ka yarda da setin sai ka gani da idonka. Samo wayar wani na kusa da kai wanda lambarsa ke ajiye a wayarka, ka sa shi a jerin na ɗan lokaci. Buɗe WhatsApp a taka ka bar shi a buɗe, sai ka buɗe hirarka a tasa ka kalli ƙarƙashin sunanka. In fili ne, ya yi. In ka ga online, koma mataki na shida. Daga nan ka cire shi daga jerin ka sake dubawa, ya kamata online ya dawo, in bai dawo nan take ba fita daga hirar ka sake shiga.

Zagaye na biyun nan ba ɓata lokaci ba ne. In mai wayar gwajin shi ma ya sa nasa a Nobody da Same as last seen, to dama can ba ya ganin na kowa, za ka ga fili ka yi murna alhali ba setinka ne ya yi aikin ba. Sai ka ga abin ya ɓace kuma ya dawo sannan ka san hannunka ne.

Setin na asusunka ne ba na waya ba, to ya shafi WhatsApp Web da duk na'urar da ka haɗa. Sai dai ka sani in kana aiki da WhatsApp a kwamfutar ofis ko ta shago, zai nuna ka a onlayin ga waɗanda ba ka ware ba ko da wayar na cikin jaka. Masu cewa "wallahi ban hau ba tun safe" ana ce musu an gan su, a duba Linked devices, wani lokacin ma yaron shago ne ke zaune a gaban kwamfutar.

Maganar GB WhatsApp da masu bin diddigi

Na san wani zai ce duk wannan wahalar ta mece ce, ai GB WhatsApp na daskarar da last seen ya tsaya a jiya, kana kallon na kowa ba mai ganin naka. Haka ne yana yi. Amma ba kamfanin WhatsApp ne ya yi shi ba, ba ya cikin Play Store, ba ka san wa ya haɗa fayil ɗin da ka sauke ba kuma duk hirarka ta cikinsa take bi, sannan WhatsApp na dakatar da lambobin da ya kama suna amfani da irinsa, wani na ɗan lokaci wani gaba ɗaya. Mai kasuwar da duk kwastomominta ke kan lamba ɗaya ta sa lambar a wannan caca saboda gwaggo, ni ban ga riba ba.

Akwai kuma manhajojin da ake sa musu lambar mutum su riƙa rubuta ƙarfe nawa ya hau ƙarfe nawa ya sauka, masu kishi da masu zargi ne kasuwarsu. Ba wani kutse suke yi ba, abin da ka bari a buɗe suke karantawa da wata lambar da ba ka sani ba. Tun ƙarshen 2021 WhatsApp ya fara hana lambar da ba ku taɓa hira ba ganin last seen da onlayin ɗinka, kuma in ka sa My contacts except... tare da Same as last seen ka ƙara toshe musu hanya, don lambar tasu ba ta cikin wayarka.

In Telegram kake amfani da shi

Can tsarin ya ɗan fi sassauci. Settings, sai Privacy and Security, sai Last Seen & Online. Bayan Everybody, My Contacts da Nobody akwai wurin keɓe mutane ta fuska biyu, Never Share With da Always Share With, to kana iya cewa kowa ya gani ban da wane, ko kada kowa ya gani sai wane, abin da WhatsApp bai bayar kai tsaye ba. Bambancin shi ne Telegram ba ya barin wurin fili, wanda ka ɓoye wa zai ga ƙiyasi, last seen recently in ka shiga cikin kwana biyu zuwa uku, sai within a week, sai within a month. Kuma in ka tura wa mutumin saƙo zai iya ganinka a onlayin na kamar daƙiƙa 30 duk da ka ɓoye masa.

A wayar ƙanwata dai yadda muka bar shi ke nan: last seen a My contacts except... da mutum biyar a ciki, onlayin a Same as last seen, Read receipts a kunne saboda masu kallon sitatus, a Status kuma an ware gwaggo da mutanen gidanta kaɗai, uwar adashi an bar ta don tana sayen turare. Guruf ɗin dangi ta sa shi a Mute, ba ta buɗe shi sai bayan sallar asuba. Gwaggo ta kira bayan kamar sati guda ta ce "Ke kwana biyu ba na ganinki a wayar nan, lafiya dai?" ta ce "Lafiya lau Gwaggo, ina nan, hidima ce ta yi yawa."